Amsar Kuskure Mai Tona Asirin Wahami: Lacca ga Malaman Tarihi a Madarunfa

Zan shiga mas'alar kai tsaye, domin galibinku kun san jayayyar da na daɗe ina yi da masu tsara mana jarrabawa a kan tambayar nan mai amsa huɗu, wadda ake cewa ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Da'awata ita ce, amsoshi ukun da ba daidai ba sun fi ta daidai fa'ida ga malami, muddin an zaɓo kowacce don ta bayyana wani wahami takamaimai da ke zaune cikin zukatan yara.

Bari mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. A ce an tambaya: wane ne ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807? Amsa ita ce Ɗan Kasawa. To, abin da na saba gani a takardu shi ne a jera masa Mansa Musa da Diori Hamani, a ƙara da wani suna guda mai ɗan kama da gaskiya. Alhali yaron da bai taɓa buɗe littafi ba ya san Diori mutumin 1960 ne, Mansa Musa kuma na Mali. Da ya zubar da waɗannan biyu, sai cacarsa ta tashi daga ɗaya cikin huɗu ta koma ɗaya cikin biyu, malami kuwa ya ba da maki bai ƙaru da sanin kome ba.

Yanzu a sake jeri, a sa Umarun Dallaji, da Mayaƙi, da Muhammadu Korau. Wanda ya zaɓi Umarun Dallaji, wato mai tutar Shehu da ya hau gadon Katsina, ya ji labarin jihadi sarai, amma ya gauraya wanda ya ci gari da wanda aka kora, har yana zaton Maraɗi tana cikin daular Sakkwato, alhali kuwa don adawa da ita aka zauna a can. Wannan shi ne wahami mafi muni, saboda duk abin da za a faɗa masa daga baya game da yaƙe-yaƙen Ɗan Baskore ba zai sami mazauni a kansa ba. Wanda ya zaɓi Mayaƙi ya gane cewa korarrun sarakuna ake magana, illa dai ya kasa rarrabe Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836 da Katsinawan Maraɗi, kuma kusancin garuruwan biyu uzuri ne a gare shi. Gyaransa taswira ce da minti goma. Shi kuwa mai Korau, illarsa ta zamani ce: ya ji kalmar kafawa, sai hankalinsa ya tafi ga sarkin ƙarni na 15, ya tsallake shekaru fiye da 300 bai ji a jikinsa ba.

Ga yadda ake karanta sakamako. Mu ƙaddara aji mai yara 60: 30 sun dace, 18 sun tafi ga Dallaji, 10 ga Mayaƙi, 2 ga Korau. Darasin gobe ya bayyana ke nan, a koma kan waye ya gudu, waye ya zauna. Korau kuma, da yake bai kai biyar cikin ɗari ba, a sa masa ido, in ya sake mutuwa a wani aji a canza shi. Idan kuwa aka ga haziƙan aji ne suka yi dafifi a kan amsar kuskure, to a tuhumi lafazin tambayar kafin a tuhumi yara.

Daga ina ake samo irin waɗannan amsoshi? Daga bakin yaran kansu. A fara ba su tambayar a buɗe, kowa ya rubuta abin da ya sani, a tara kurakuran da suka fi maimaituwa. Da haka ake gane, misali, yawan masu ɗaukar 18 ga Disamba 1958, ranar shelar Jamhuriya, a matsayin ranar ƴancin kai ta 3 ga Agusta 1960.

Wasu abokaina suna cewa wannan ɗana tarko ne ga marasa ƙarfi. Tarko shi ne a ɓoye ma'ana cikin karkataccen lafazi, ni kuwa a fili na jera sunayen. Masu cewa insha'i kaɗai ke auna tarihi, sai su gaya mana daren da mai aji 60 zai gyara shi kowane mako. Haddin abin dai shi ne zaɓi guda ba ya zama hujja, tun da akwai mai caca. Saboda haka a bar layi ɗaya a ƙasa, yaro ya faɗi dalilinsa.

Abin da nake roƙon masu duba makarantu, kamar yadda na sha roƙo, shi ne kada su karɓi tambaya sai malami ya rubuta a gefen kowace amsar kuskure sunan wahamin da take farauta. Wanda ya rasa na uku, a yarje masa ya tsaya a amsa uku.