Amshin da Kowane Maƙogwaro Zai Ɗauka
(Jawabin da aka gabatar a taron bita na malaman firamare na reshenmu)

 

Kusan kowane ɗayanmu an taɓa ɗora masa shirya waƙar taron safe ko ta ranar raba kyaututtuka. Maganata a yau a kan amshi ce, domin baiti na mai waƙa ne, amshi kuwa na jama'a ne. Ko marigayi Alhaji Mamman Shata, duk da baiwarsa, gajeren layi yakan bar wa 'yan amshinsa su yi ta maimaitawa. Mu kuwa 'yan amshinmu yara ne da ba su taɓa koyon rera waƙa ba, don haka sai mu auna muryarsu kafin mu yanka musu kari, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya sa almakashi.

Ku ɗauki murya tamkar tsani mai matakai: do, re, mi, fa, so, la, ti, sai do na sama. Yaron firamare yakan sake a matakai shida na farko, daga do zuwa la. Mai molon makaranta ko fiyano ya ajiye do a kan D da ke kusa da C na tsakiya, sai la ta faɗa a kan B. Wanda ba shi da kayan kiɗa ya sa yara su yi guna baki rufe, ba tare da ya ba su sauti ba. Inda muryoyinsu suka taru yana kusa da gindin tsaninsu, daga nan sai ya fara gini.

Bari in ba ku misali da kuskurena. Na taɓa shirya amshin waƙar tsafta mai gaɓa tara: "Mu wanke hannu da sabulu." Na rera shi yadda ya yi wa muryata daɗi, na yi tsalle daga do zuwa do na sama a kan kalmar "da". Ranar gwaji sai na ga yara suna ɗaga haɓa, jijiyoyin wuya sun fito, wasu sun koma ihu, na sahun baya kuma sun yi tsit suna motsa leɓe kawai. Kafin mu kai karo na uku, waƙar ta zame ƙasa da inda muka fara. Duk malamin da ya ga waɗannan alamu ya san kari ya fi ƙarfin yara, kuma tsawa ba za ta gyara shi ba.

Da na koma gida na zauna da layin, sai na gane laifi biyu na yi. Na farko, tsallen ya yi nisa. Na biyu, na saɓa wa harshe. Hausa tana da karin sauti, shi ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalmar "da" sautinta ƙasa yake, ni kuma na cilla ta sama, kunnen yaro ya ƙi yarda.

Sai na furta layin a hankali kamar ina magana, na bi hawansa da saukarsa. Ga abin da ya fito: mu a kan mi, wan a kan so, ke a kan mi, han a kan la, nu a kan so, da a kan mi, sa a kan re, bu a kan mi, lu a kan do. Ku lura, ƙololuwa sau ɗaya tak aka taɓa ta, a kan "han", gaɓa mai nauyi da wasalin da ke buɗe baki. Tsalle mafi nisa shi ne daga mi zuwa la, kuma da an hau sai a fara gangarowa. Ƙarshen ya sauka a kan do, inda murya ke hutawa, gaba ɗayansa kuma numfashi ɗaya ya ishe shi. Gajerun gaɓoɓi irin su mu, ke, da, bu, na bar su su wuce da sauri, na ja dogayen.

Akwai iyaka guda da ya kamata mu sani. Samarin da muryarsu ta fara buɗewa ba za su iya bin ƙananan yara a sama ba. A bar su su rera kari ɗaya a ƙasa, kada a ce sun ɓata waƙa.

Gwajin ƙarshe ba ya bukatar kayan aiki. Ku rera amshin sau uku, ku bar shi ya kwana. Washegari ku kira yaron da ya fi kowa kunya a aji, ba gwanin waƙa ba. Idan ya kawo shi daidai ba tare da ya miƙe wuya ba, amshi ya zauna. Idan ya kasa, ku rage tsalle ko ku sauke do mataki ɗaya, ku sake gwadawa. Ni dai nawa, bayan kwana biyu na ji yara suna rera shi a bakin famfo ba wanda ya sa su.

 Allah Ya yi wa aikinmu albarka, Ya raya mana yaranmu.