Alamar Read-only a kan Foldar Windows: Kwaɗo ne ko Tuta?



Tambayar da wannan takarda za ta amsa ita ce wadda masu gyaran kwamfuta suka gaji da ji: na sa wa folda Read-only, me ya sa har yanzu ake zuba mata fayil, ake kuma goge na ciki?

Bari mu gwada da hannu. A ce malami yana da folda `D:\Sakamako`, a cikinta akwai fayil uku na makin ɗalibai. Ya buɗe Properties, ya danna akwatin Read-only har alamar maki ta fito, ya danna OK. Washegari ya dawo, sai ya ga akwatin ba alamar maki a cikinsa, an cike shi da ɗan murabba'i, ko ɗan layi a Windows 11, daidai yadda yake tun kafin ya taɓa. Da yawa a nan suke cewa kwamfutar ta kamu da bairos. Lafiyarta lau. Wannan cikon ba "e" ba ne, ba "a'a" ba ne. Haka akwatin yake fitowa a kowace folda. Kuma a gefensa an rubuta `Only applies to files in folder`, sai dai ba kowa ke tsayawa ya karanta ba.

Abin da ya auku a zahiri ana ganinsa da umarni biyu:

```
attrib D:\Sakamako
attrib D:\Sakamako\*
```

Na biyun zai nuna harafin `R` a gaban fayil ukun. Na farkon ba zai nuna shi ba, domin foldar kanta ba a taɓa ta ba. Wato dannawar aiki ne na lokaci guda a kan fayilolin da ta tarar. In an ajiye na huɗu gobe, ba zai gaji komai ba. Su ma ukun, hana rubutu a kansu kawai aka yi: ana iya canza musu suna, ana iya goge su ta Explorer, kuma duk mai ikon rubutu a wurin zai iya cire alamar cikin daƙiƙa biyu.

To, in mutum ya tilasta, ya rubuta `attrib +r D:\Sakamako` fa? Yanzu foldar ta samu `R`, amma har yanzu za a ƙirƙiri sabon fayil a cikinta ba gardama. Takardun Microsoft da kansu sun ce ba a aiki da wannan alama a kan folda.

Dalilin da ya sa akwatin ba ya taɓa foldar kanta ya fi ban sha'awa. Tun da alamar tana zaune ba aiki a kan folda, sai Explorer ya are ta ya ba ta wata sana'a. Akwai ɓoyayyen fayil mai suna `desktop.ini` wanda ke ɗauke da hoton folda na musamman da sunan da za a nuna. Da Explorer zai leƙa kowace folda yana nemansa, buɗe wuri mai folda dubu zai yi nauyi, balle ta hanyar sadarwar ofis. Saboda haka yake duba alamar tukuna: in folda tana da `R` ko `S`, sai ya shiga ya karanta fayil ɗin; in babu, ya wuce. Raymond Chen na Microsoft ya yi bayanin wannan tun 2003. Gwajin mai sauƙi ne: a canza hoton folda ta Customize, a duba da `attrib`, za a ga `R` ta bayyana, a cire ta, hoton ya koma na gama-gari. Tuta ce, ba kwaɗo ba. A ganina laifin na masu zanen akwatin ne, da suka bar kalma ɗaya tana ma'ana biyu.

Kwaɗon gaskiya shi ne izinin NTFS, wanda ke shafin Security. Ga yadda malaminmu zai yi, daga Command Prompt da aka buɗe da ikon Administrator:

```
icacls D:\Sakamako /inheritance:r /grant:r "Administrators:(OI)(CI)F" "SYSTEM:(OI)(CI)F" "Users:(OI)(CI)RX"
```

Umarnin ya yanke gadon izini daga `D:\`, ya bar wa masu kula cikakken iko, sauran kuma karatu kawai. `(OI)(CI)` ne ke sa fayil na huɗu ya gaji dokar, abin da Read-only ba ta yi. Sai a shiga da asusun ɗalibi a gwada ajiye wani abu. Ƙin amincewar Windows ita ce shaida.

Iyaka biyu ce. In ɗalibin ma Administrator ne, zai iya mayar wa kansa izinin, don haka a raba asusu. Sannan filashar da aka tsara da FAT32 ko exFAT ba ta san izini ba sam, ko shafin Security ba za a gani ba. Wanda ya kwafi foldar zuwa irin wannan filasha, ya sani ya bar kwaɗon a gida.