Kiwon lahiya: tabon da ba ya jin taɓi

Yau hirarmu bisa kuturta take, tun tana tabo guda ga hwata.

Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma tana iya yin shekara 5 ko hiye cikin jiki ba a sani ba. Alamarta ta hwari tabo ne wanda ya hi sauran jiki haske, ko ya yi ja-ja. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sau da yawa ba ya zuhwa. Shi ya sa mutane ke cewa kyasbi ne, su ƙyale shi. To, kyasbi yana da ɗan gari in an kankare shi, kuma wurin yana jin taɓi.

Ga yadda za ku gwada. Ku samu ɗan kaɗa ku murza bakinta. Mai tabon shi ruhe ido. Ku taɓa hwata mai lahiya, shi nuna wurin da yatsa. Sannan ku taɓa tsakiyar tabon. In bai ji ba, ku kai shi likita cikin satin nan.

Mi ya sa muke cewa ku yi hamzari? Don ƙwayar tana cin jijiyoyin da ke kai ji ga hannu, ƙahwa da ido. Mu ɗauki misali: mace ce mai tabo 3 ga baya. In ta je yanzu, za ta sha magani wata 6 ta warke da yatsunta cikakku. In ta bari har jijiyar gwiwar hannu ta lalace, ƙaramin yatsa shi mutu, sai ta ɗauki tukunya mai zahi ba ta ji ba. Ƙuna ta zama gyambo, gyambo shi ci ƙashi. Haka yatsu ke guntulewa. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya maido jijiyar da ta daɗe da mutuwa.

Maganin iri 3 ne haɗe: rifamfisin, dafson da kulofazimin. Tabo 1 zuwa 5, wata 6 ake sha. Hiye da 5, wata 12. Tun 1995 kyauta ake ba da shi. Hitsari kan yi ja bayan shan na wata-wata, hwata kuma ta ƙara duhu. Kada wannan shi sa ku bari. Wanda ya soma sha ba ya ɗauka wa kowa, sai shi zamna cikin iyalinshi.

In ana cikin sha jijiya ta soma ciwo, ko tabo ya kumbura, ko hannu ya yi rauni, ku koma likita ran nan, akwai maganin da ke ceton jijiyar. Ku kai mutanen gida su ma a duba su. Likitar da ke kusa da ku na iya dubawa, kuma akwai asibitin Danja kusa da Maradi.

Allah shi ba mu lahiya. Sai mako mai zuwa.