Teburin ɗalibi a takardar kwangila: a rubuta abin da za a iya aunawa

Shugaban taro, sakatarorin ilimi na Gwandu da Kalgo, shugabannin makarantu, iyayenmu na kwamitocin kula da makarantu, malaman jami'a da ke tare da mu, da 'yan'uwana kafintoci da masu walda, ina gaishe ku baki ɗaya.

Maganata ta yau a kan shafi biyu ne ko uku na takardar neman 'yan kwangila, wato sashen da ake bayyana irin kayan da ake son a kawo. Idan hukuma za ta sayi tebura da bencina na aji, a nan take faɗin tsayinsu, da irin ƙarfensu, da irin katakonsu. Jama'a sun fi zuba ido a shafin kuɗi, alhali a wannan sashe ne ake yanke ko teburin zai shekara goma a aji, ko kuwa kafin zango na uku an jibge shi a bayan ofishin hedimasta.

Bari mu fara da doka. Tun da aka yi dokar ilimin bai-ɗaya a 2004, gwamnatin tarayya ke ware kashi 2 cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigarta wa hukumar UBEC, jiha ta kawo nata kason, sannan SUBEB ta ba da kwangilar gina azuzuwa da sayen kujeru. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 kuwa ta ce a ba wa mai farashi mafi sauƙi, amma daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka rubuta. To, idan sharaɗin da aka rubuta shi ne "ƙarfe mai ƙarfi da katako mai inganci", kowa ya cika shi. Mai gaskiyar da ya yi lissafi da ƙarfe mai kauri zai faɗi, wanda ya yi lissafi da ƙarfe mai shan iska shi zai ci, kuma ranar karɓar kaya ba ka da hujjar mayar masa da ko tebur ɗaya. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, domin takardar da aka rubuta da sakaci kafintan kirki take fara cuta, kafin ta cuci yaro.

Ni a ganina, duk sharaɗin da za a rubuta sai ya amsa tambayoyi huɗu: nawa ne adadin, wane ɗan bambanci aka yarda da shi, da me za a auna, kuma me zai biyo baya idan bai cika ba. Mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce za a kawo tebura 500, irin na mutum biyu mai haɗe da benci, ƙafafun ƙarfe, saman katako, a raba wa firamarorin Gwandu da Kalgo.

Na farko shi ne awon jikin yaro. Kuskuren da aka saba yi shi ne a rubuta tsayi ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1729 ta kasa teburan makaranta bisa tsayin yaro. Yaro mai tsayin santimita 108 zuwa 121, mazauninsa santimita 31 daga ƙasa, teburinsa 53. Mai tsayin 119 zuwa 142, mazauni 35, tebur 59. Mai tsayin 133 zuwa 159, mazauni 38, tebur 64. Yanzu ku ɗora ɗan aji ɗaya mai santimita 115 a kan bencin manya mai santimita 43. Ƙafafunsa za su yi lilo, tazararsu da ƙasa ta kai santimita goma ko fiye, bakin benci ya danne masa bayan gwiwa, tebur ya zo masa a ƙirji, ya ɗaga kafaɗa yana rubutu. Malami zai ce yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, alhali zaman ne ke masa ciwo. Ba sai mun kwafi jadawalin Turawa ido rufe ba. Kafin a rubuta takarda, a shiga makarantu kaɗan, na cikin gari da na ƙauye, a auna yaran kowane aji da tef a jikin bango, a ga rukunin da suka faɗa. Sai takarda ta ce, alal misali, 200 ƙanana, 200 matsakaita, 100 manya, kowane da tsayinsa, bambancin da aka yarda da shi kada ya wuce milimita 5 sama ko ƙasa. Tsawon saman tebur kuma kada ya gaza santimita 120, kowane yaro ya samu 60 na shimfiɗa littafi da gwiwar hannu.

Na biyu ƙarfe, kuma nan ne kuɗi ya fi zurarewa ba tare da an gani ba. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin milimita 25 kowane gefe, ana samunsa da kauri iri-iri. Idan an yi masa fenti, ido ba ya raba mai kaurin milimita 1.5 da mai kaurin milimita 1. Sikeli yana rabawa. Mita ɗaya na mai kaurin 1.5 nauyinsa kusan kilo 1.1 ne, na mai kaurin 1 kuwa kusan kilo 0.75. Idan zanen teburinmu yana cin mita goma na bututu, ƙarfen tebur ɗaya zai yi kilo 11 idan an yi gaskiya, kilo bakwai da rabi idan an rage. Bambancin kilo uku da rabi ke nan. A tebura 500 ya zama kilo 1,750 na ƙarfen da aka biya kuɗinsa amma bai iso makaranta ba. Saboda haka takarda ta rubuta faɗin bututu, ta rubuta kaurinsa, sannan ta ƙara da cewa ƙarfen tebur kafin a ɗaura katako kada ya gaza kilo kaza. Wannan sharaɗin nauyi ina matuƙar son sa, don ko hedimasta a ƙauye yana iya aro sikeli mai ƙugiya ya rataya ƙafar tebur ya karanta.

Bututu marar kauri yana da wata illa da masu walda suka sani sarai: wuta na huda shi. Mai walda sai ya koma ɗiga-ɗiga, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya shafe da fenti. Daga nan tebur ke fara rawa. A rubuta cewa walda za ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, a goge ta sumul, kada a bar tsinin da zai yaga hijabi ko ya yanki ƙafa. A toshe bakin bututu na ƙasa, domin ruwan wankin aji da danshin damina ta nan suke shiga, tsatsa ta ci daga ciki. A shafa jan fenti na hana tsatsa tukuna, sannan fenti mai ƙyalli sau biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: kankare ɗan wuri a ƙarƙashin tebur da bakin makulli, idan ba ka ga ja ba, ba a shafa ba.

Sai katako, wanda nake so mu ɗan tsaya a kansa, domin a nan yanayin ƙasarmu ke da tasa maganar. Yawancin katakon da muke aiki da shi daga kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Katako kuwa yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi har ya daidaita da inda yake zaune. Inda danshin iska ya kai kashi 80 cikin ɗari, ruwan jikin katako yakan tsaya wajen kashi 16. A hunturunmu, lokacin da leɓe ke fashewa, danshin iska yakan sauka zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka, katako ya bushe har ƙasa da kashi 6. Duk saukar da ruwa ya yi, faɗin katako na raguwa. Allo mai faɗin santimita 30 da aka ɗaure yana da ruwa kashi 25, idan ya sauko kashi 8 zai iya tsukewa da kusan santimita ɗaya. Amma an riga an ɗaure shi a jikin ƙarfen da ba ya tsukewa. Dole ya tsage daga ramin noti, ko ya lanƙwashe kamar kwamin jirgi, fensir ya riƙa gangarawa tsakiya. Iyaye su ce yara ne suka fasa, alhali tun a shago aka fasa shi.

Don haka kada a rubuta "busasshen katako" a yi shiru. A rubuta cewa ruwan jikinsa kada ya wuce kashi 12 ranar da za a haɗa tebur, a auna da na'urar hannu mai allura biyu da ake soka wa katako. A ambaci irin itacen da sunansa, maɗaci ko iroko ko kawo, a kuma hana farin katako mai taushi, wanda farce ke shiga, ƙwari su huda shi gari na zuba. A rubuta kaurin bayan an kankare, misali milimita 22, domin allon da ake kira inci ɗaya a kasuwa ba ya fitowa daga inji da cikakken incinsa. A sa maganin gara kafin banish. A ɗaura allo da noti mai ratsa ƙarfe, ba da ƙusa ba, ramin ya ɗan fi notin faɗi don katako ya samu wurin motsi.

Ƙarfin benci ma yana aunuwa ba tare da ɗakin gwaji ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Takarda na iya cewa za a jera buhu uku a kan benci su kwana, idan an sauke kada a ga tsagewa, ko walda ta buɗe, ko allo ya zauna a lanƙwashe. Na ce uku duk da benci na mutum biyu ne, saboda kun san yadda azuzuwanmu suke cika, kuma yara hawa suke yi su yi tsalle.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai an rubuta yadda za a karɓi kaya. Kowane mai neman kwangila ya kawo samfuri ɗaya tare da takardunsa. Na wanda ya ci a sa masa hannu a kulle a sito, da shi za a gwada sauran. Ranar kawo kaya kada a duba a shagon ɗan kwangila, inda zai jera masu kyau a gaba. A duba a makaranta, a gaban hedimasta da wakilin iyaye. Daga 500 a zaɓi 25 ta hanyar ƙuri'a, a auna tsayi, da nauyi, da ruwan katako, a rubuta adadin kowane a takarda. Idan fiye da biyu suka gaza, a duba kayan gaba ɗaya, abin da ya gaza ya koma a kuɗin wanda ya kawo.

Saura wa'adin gyara. An saba riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangila har wata shida. Ku lissafa da ni. Teburin da aka kawo a watan Afrilu, wa'adinsa zai ƙare a Oktoba, an saki kuɗi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa, ita kuwa ita ce mai tona ɗanyen katako. Roƙona ga masu rubuta waɗannan takardu a Birnin Kebbi da sakatarorinmu na Gwandu da Kalgo shi ne a mayar da wa'adin wata goma sha biyu, kada a saki ragowar kuɗin sai hedimasta ya sa hannu cewa tebura sun ga damina sun ga hunturu a cikin ajinsa.