Yadda Ake Tsara Ranar Ɗaurin Aure, Sa'a Bayan Sa'a

Yau za mu yi magana a kan wani aiki da ke fāɗo wa duk wanda ya iya karatu da rubutu a gidansu. In biki ya gabato, shi ake miƙa wa saƙonni a ce ya tsara ranar. Wani saƙon a rubuce yake a waya, wani na murya ne, wani kuwa yaro aka aiko da shi da baki. Kowa ya faɗi nasa ɓangaren, amma ba wanda ya faɗi duka. Aikinmu shi ne mu tara su a takarda guda, kowane abu da ƙarfe nawa za a yi shi.

Bari mu ɗauki misali. A ce gidan amarya yana nan Rafin Guza, dangin ango a Zariya suke, gidan da amarya za ta tare kuwa yana Unguwar Dosa. Ranar Asabar ce. Ga saƙonnin da suka zo.

Baffan amarya, wanda shi ne waliyyi, ya ce ran Litinin, "Ɗaurin aure ƙarfe 11 na safe." Ran Laraba kuma ya sake aikowa ya ce, "Liman yana da wani ɗaurin auren da safe, namu sai bayan Azahar." Babban abokin ango ya ce za su taso daga Zariya da hantsi cikin bas, da sadaki da goro da alawa. Gwaggon amarya ta ce walimar mata bayan La'asar, kai amarya bayan Magariba, a bas ɗin Zariya. Mai girki ta ce shinkafa da miya za su ci mata sa'a huɗu. Direban bas ɗin kuma ya ce shi lalle ƙarfe 5 ya kama hanyar gida, ba ya son dare.

Abu na farko, mu rubuta kowane saƙo a layinsa, da sunan mai shi da ranar da ya zo. In saƙo biyu sun saɓa, ga ƙa'ida: maganar mai abu ita ce magana, kuma ta ƙarshe ita ke kashe ta farko. Lokacin ɗaurin aure na waliyyi ne da liman. Saboda haka mu ja layi mu soke ƙarfe 11, ko da rabin unguwa sun riga sun ji shi.

Abu na biyu, mu mai da lokacin baki ya zama na agogo. Hantsi faɗi gare shi. Hantsin wani ƙarfe 9 ne, na wani ƙarfe 11. Bayan Azahar ma haka. A Kaduna rana tana karkatawa wajen ƙarfe 12 da rabi, amma kowane masallaci da lokacin da yake ta da salla. Faɗuwar rana kuwa tana tafiya da shekara: a watan Nuwamba ƙarfe 6 da 'yan mintoci, a watan Yuli kusan ƙarfe 7. Don haka kada mu yi ƙiyasi, mu je mu tambayi ladan. A misalinmu, a ce ya faɗa mana Azahar 1:30, La'asar 4:00, Magariba 6:30. Waɗannan su ne turakunmu, ba su motsi. Duk sauran abubuwa jikinsu za mu ɗaure su.

Abu na uku, daga turke ake lissafi a koma baya. Muna so baƙin Zariya su iso ƙarfe 12:30, su huta, su yi alwala, wakilin ango ya gana da waliyyi kafin salla. Daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne. Mu sa musu sa'a ɗaya da rabi, mu ƙara rabin sa'a saboda cunkoson Kawo da neman gida. Ke nan tashi 10:30. Amma motar biki ba ta cika nan take, sai mu ce musu su taru ƙarfe 10. Haka kuma abinci. Ana so ya fito 2:30. Zubawa a kuloli da kaiwa zaure za su ci sa'a guda, watau a sauke tukunya 1:30. Mu cire sa'a huɗun mai girki, ashe ƙarfe 9:30 za a hura wuta. Nama da itace da ruwa kuwa dole su riga wuta isowa.

Abu na huɗu, mu nemi karo. Yadda ake gane shi, mu bi takarda mu duba ko akwai mutum ɗaya ko mota ɗaya da aka ba aiki biyu. Ga shi kuwa mun samu. Gwaggo ta sa rai bas zai kai amarya bayan Magariba, alhali direba ya ce ƙarfe 5 yana hanya. Kowannensu gaskiyarsa ya faɗa, sai dai ba su ji juna ba. Taura biyu ba ta taunuwa. In ba a gano wannan ba tun ran Laraba, ran Asabar da dare amarya za ta fito a lulluɓe, mata na guɗa, babu abin hawa a ƙofar gida. To, ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Mu kai wa gwaggo da babban aboki maganar. A ce sun shirya a kan babban aboki ya kawo ƙananan motoci uku na cikin gari. Sai mu rubuta.

Ga yadda takardar za ta tsaya:

8:00, nama da itace da ruwa sun iso gidan amarya. Yayan amarya.
9:30, hura wuta. Mai girki.
10:00, taruwa a Zariya, a duba sadaki da goro da alawa. 10:30, tashi. Babban aboki.
11:30, shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida. Ƙannen amarya.
12:30, isowar baƙi. Yaro guda ya tare su a bakin titi.
1:30, sallar Azahar, sa'an nan ɗaurin aure a masallacin unguwa. Waliyyi.
2:30, abinci. Yayan amarya.
4:00, sallar La'asar.
4:30, walimar mata a cikin gida. Gwaggo.
5:00, bas ɗin Zariya ya tashi. Direba.
6:00, motoci uku sun tsaya a ƙofar gida. Babban aboki.
6:30, sallar Magariba.
6:45, nasihar iyaye ga amarya. Baffa.
7:15, tashi zuwa Unguwar Dosa. Gwaggo.

Ku lura, kowane aiki da mai shi. Layin da aka rubuta "a kawo ruwa" kawai, ba suna, ruwan ba zai zo ba, don kowa zai zaci wani ya kawo. Ku lura kuma ba mu cika kowane minti ba. Tsakanin abinci da La'asar mun bar fili, don in ɗaurin aure ya ja, nan ne jinkirin zai nutse.

Saura abu guda. Tun da mutane da yawa sun ji ƙarfe 11, dole a bi su a warware. Mu rubuta ranar da muka gama takarda a samanta, mu ba kowane mai aiki kwafi. Wanda bai iya karatu ba, mu karanta masa layinsa, shi kuma ya maimaita mana da bakinsa. In an sake canza wani abu, a karɓe tsohuwar takarda kafin a ba da sabuwa.

Aikinku na mako mai zuwa ga shi. A ce ranar ta koma Juma'a, ɗaurin aure bayan an sauko masallaci ƙarfe 2:30. Kowa ya sake lissafin tashin bas da hura wuta, ya zo mana da takardarsa mu duba tare.