Wando Ya Koma Siket, Zanzaro Na Nan

Jiya na zauna kusa da wani mai gyaran hoto a kwamfuta. Wata ɗaliba ta kawo hotonta, tana so wandonta ya koma siket, rigar kuma kada a taɓa zanzaronta.

Aikin duk a ƙugu yake. Ya ja iyaka daidai bakin wandon, ya bar tattarar rigar da 'yar inuwar da ke ƙarƙashinta. In aka goge inuwar nan, sai rigar ta zama kamar an manna ta.

Siket mai sauƙi ne, rufe tsakanin ƙafafu kawai zai yi. Mayar da siket wando ne jidali, don dole a ƙirƙiro bango da daɓen da siket ɗin ya ɓoye. Ku duba layin tayil, nan asiri ke tonuwa.