Tela da Ɗinkin Sallah

Da zarar azumi ya kama, shagunan teloli a Kano da Zariya sai su cika da shadda da atamfa, ga kuma ankon bukukuwan da aka ɗage zuwa bayan Sallah. Rigimar daren Sallah tun daga ranar karɓar kaya take farawa.

A ce tela da yaransa biyu suna gama kaftani shida a rana. Kwana ashirin da biyar na aiki, kaftani ɗari da hamsin ke nan. Amma wuta za ta ɗauke, keke zai lalace, mai aikin wuya zai riƙe kaya. Don haka ya tsaya a ɗari da ashirin, ya rubuta a littafi, ya daina karɓa ko da aminin babansa ne ya zo. A ganina wannan ya fi komai wuya, domin kunya ce take sa tela cewa "kawo, za a yi".

In zai ƙara hannu, ya ɗauko su kafin azumi, ya ba su guga, maɓalli da kalmasa. Yanka ya zauna a hannunsa, don shaddar da aka ɓata a yanka ba ta gyaruwa.

Anko kuwa, a yi masa kuɗi ɗaya: mutum ashirin, ɗinki iri ɗaya, har da zare da man janareta. A karɓi rabi tun farko, a sa ranar rufe awo. Wadda ta zo bayan ranar, ko ta ce a canza mata hannu, kuɗinta daban ne.